Wata shida ina naɗar jita da Torpedo Captor da fayilolin IR

Amfilifaya mai bawul ba ya fitar da muryarsa ta gaskiya sai an ƙure masa ƙara, kuma nawa mai ƙarfin wat 15 kawai ya isa ya hana duk gidan barci. Wannan ne ya sa na sayi Torpedo Captor na kamfanin Two Notes, akwatin da yake shanye ƙarfin amfilifaya a madadin lasifika, sannan ya miƙa sautin ga kwamfuta ba tare da an ji komai a ɗaki ba.

Abu na farko da mai saye zai duba shi ne adadin om, wato ma'aunin turjiyar lantarki. Ana sayar da na'urar iri uku, mai om 4, da mai 8, da mai 16, kuma wajibi ne ta dace da abin da aka rubuta a mafitar lasifika ta bayan amfilifaya. Nawa 8 ne, don haka na ɗauki mai 8. Haka kuma wayar lasifika ake amfani da ita wajen haɗa su, domin wayar jita ba ta ɗaukar wannan ƙarfi. Ba a taɓa kunna amfilifaya mai bawul alhali babu lasifika ko irin wannan akwati a jone, saboda hakan yana iya ƙona taransifomar da ke cikinsa.

Sautin da yake fitowa daga nan ɗanye ne, yana da kaifi mai soke kunne kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani, domin lasifikar jita ce take zubar da yawancin siririn sautin da ya haura 5000 Hz. A nan ne IR yake shigowa. Ɗan ƙaramin fayil ne na WAV wanda aka adana yadda wata lasifika, da akwatinta, da makirufon da aka kafa a gabanta suke sauya sauti. Ni ina loda nawa a cikin NadIR, manhajar kyauta ta Ignite Amps, kuma wanda na fi komawa gare shi na lasifikar Vintage 30 ne da aka ɗauka da makirufon SM57.

Kuskuren da na yi a makon farko ya cancanci a faɗe shi. Na naɗi kiɗan waƙa guda, na saurara, sai na ji jitar kamar an lulluɓe ta da bargo, duk ƙoƙarin ƙara mata kaifi kuwa bai tsinana komai ba. Ashe na bar maɓallin kwaikwayon lasifika na jikin Captor a kunne, na kuma ɗora IR a kansa, wato an tace sautin sau biyu. Da na kashe maɓallin na sake naɗa, nan take muryar ta buɗe. Alamar tana da sauƙin ganewa: idan aka kashe IR kuma sautin bai koma mai soke kunne ba, to akwai wata lasifikar kwaikwayo a hanya.

Inda tsarin ya fi burge ni shi ne lokacin haɗa kiɗa. Da yake ɗanyen sautin ne aka adana, bayan kwana uku da na ji jitar tana karo da muryar mawaƙi, sai na sauya fayil daga wanda makirufo yake tsakiyar lasifika zuwa wanda aka matsar da shi gefe, inda sauti ya fi taushi, na kuma yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz. Da makirufo na yi aikin tun farko, da sai na sake kaɗa waƙar baki ɗaya. Game da tsawon fayil kuwa, mai milisakan 20 ya ishe ni ga kiɗa mai kauri, amma mai milisakan 200 ya fi riƙe ƙugin akwatin lasifika, kuma kunnena ya fi jin bambancin a kiɗa mai tsabta.

Akwai abin da IR ba ya iya bayarwa, kuma na damu da shi ƙwarai. Hoto ne na lasifika a yanayi guda, saboda haka ba ya matsewa ko gurzawa kamar lasifikar da aka tura wa ƙarfi sosai. Sannan iskar lasifika mai ƙara tana komawa ta girgiza tsirkiyar jita, abin da yake sa sauti ya daɗe yana amo, wannan kuwa babu shi idan abin saurare mutum ya sa a kunnuwansa. Na sami sauƙin matsalar ta hanyar tsayawa kusa da lasifikokin situdiyo tare da ɗaga ƙararsu kaɗan lokacin kaɗa kiɗan tilo. Duk da haka, akwai waƙa ɗaya da dogon amon ya ƙi zama, sai da na jira tsakar ranar Asabar, na mayar da lasifikar, na kafa mata makirufo.