Littafi, Excel ko manhajar shago: wanne ya fi riƙe lambar IMEI?

Duk mai sayar da waya, ko a Fam Santa ta Kano yake ko a lungun unguwa, ya san wannan rigimar. Kwastoma ya dawo bayan wata huɗu da rasit ɗinka yana cewa waya ta lalace, kalarta ɗaya da wadda ka sayar masa, kampani ɗaya, amma ba ita ba ce. Ya taɓa faruwa da ni, abin da ya raba mu kawai na danna *#06# a wayar, IMEI ɗinta ta fito, wato lamba 15 da ta bambanta kowace waya da sauran, na haɗa da ta rasit, huɗun ƙarshe suka saɓa. Da ban rubuta ba da na yi asarar sabuwa a kwali ina ji ina gani.

To a ina za ka dinga ajiye lambar?

Littafi ba ya buƙatar wuta ko data, kuma in waya biyar kake sayarwa a sati ya isheka. Matsalarsa hannu, lamba 15 ce, yaro yana sauri ya rubuta 1 kamar 7 shi ke nan ta tashi aiki, ga wahalar nema in an kwana biyu.

Ni dai na fi ba mai matsakaicin shago shawarar Excel ko Google Sheets da ƙaramar sikana irin ta USB, ka haska layukan jikin kwali lamba ta shiga da kanta. Amma kafin ka fara ka mayar da tsarin layin da IMEI za ta shiga zuwa Text, in ba haka ba za ka ga abu kamar 3.56E+14, kuma lambar da ta haura 15 Excel na mayar da ƙarshenta sifili. Kowace waya layinta daban: ranar shigowa, dilan da ya kawo, ranar fita, lambar rasit. Waya mai sim biyu IMEI biyu gare ta, ka saka duka. Kuma ranar da kaya suka iso duk wadda kwalinta a buɗe yake ka kunna ta ka haɗa lambar ciki da ta kwali, don nan ake musanya.

Manhajar shago ta biyan kuɗi sai in yara sun yi yawa ko rassa biyu ne, amfaninta tana nuna wa ya sayar da ƙarfe nawa. Kafin ka biya ka ce a gwada sayar da IMEI ɗaya sau biyu a gabanka, in ta yarda rabu da ita, ƙirga kawai take yi. Ita kuwa ƙirga ba ta kama ɓarawon cikin gida, ashirin za ka gani cif alhali an zare sabuwa an saka sakan.

Kar dai wani ya ce maka rubuta IMEI zai nemo wayar da aka sace. Hujja ce da za ka kai wa 'yan sanda tare da rasit, bin sawu kuma sai ta hannunsu da kampanonin layi.