Canjin rikodin A da canjin NS: wanne ka yi, kuma har yaushe za ka jira?

"Salam 'yan'uwa. Jiya da hantsi na mayar da shafin makarantarmu ta nan Argungu zuwa sabon hostin, na kuma canza DNS. Har yanzu tsohon shafin ke buɗe mini, amma abokina a Jega ya ce sabon yake gani. Jira zan ci gaba da yi ko wani abu na ɓata?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Amsar ta rataya ne a kan abin da ka taɓa jiya, domin aiki biyu ne muke haɗawa mu kira su canza DNS, kuma lokacin jiransu ba ɗaya ba ne. Akwai canza rikodin A, wato ka bar sabobin sunanka inda suke, ka sauya lambar IP kawai. Akwai kuma canza NS, wato ka shiga wurin da ka sayi domen ɗin, ka cire sabobin suna na tsohon hostin a ƙarƙashin Nameservers, ka sa na sabon.

Kafin in jera su, ka riƙe wannan: ba a aika canjinka ko'ina. Wayarka ba ta tambayar sabar sunanka kai tsaye, tana tambayar rizolba ce, galibi ta kamfanin layinka. Ita ce ke zuwa ta samo amsa, ta ajiye ta na wani lokaci don kada ta riƙa komawa. Kamar mai Keke ne da ya saba kai mutane wani shago a kasuwa: an tashi daga shagon, amma shi can zai ci gaba da kai fasinja har ranar da ya sake tambaya. Bambancin kawai, ita rizolba an yanka mata wa'adin sake tambaya, shi ne TTL, kuma da daƙiƙa ake rubuta shi.

Idan rikodin A ka canza, wa'adin a hannunka yake, kana iya ganinsa kusa da rikodin. A cPanel sau da yawa 14400 ne, awa huɗu ke nan. Mu ƙaddara rizolbar layinka ta tambayi domen ɗin da ƙarfe 9:30 na safe, kai kuma ka yi canji da ƙarfe 10:00. Za ta riƙe tsohuwar lambar har 1:30 na rana, ko sau nawa ka sabunta shafin. Rizolbar da abokinka na Jega ke bi wataƙila ba ta da komai a ajiye, sai ta tafi kai tsaye ta ɗauko sabuwar. Ku biyu kuna jiha ɗaya, kowa da abin da yake gani, kuma babu abin da ya lalace. Nisan gari ba shi da hannu a ciki. Wanda ya riga tambaya shi ke daɗewa da tsohuwar amsa. Rage TTL bayan an gama canji ba ya taimakon wanda ya riga ya ajiye, domin da tsohon wa'adin ya ɗauka.

Idan kuwa NS ka canza, wa'adin ba naka ba ne. Bayanin da ke cewa ga sabobin sunan domen ɗinka yana zaune a mataki na sama, kuma ga domen mai .com wa'adinsa 172800 ne, kwana biyu cif. Daga nan maganar awa 48 da masu hostin ke yawan faɗa ta samo asali. A cikin wannan lokaci wasu rizolbobi suna ci gaba da zuwa tsofaffin sabobin suna, su kuma waɗannan ba su san an sallame su ba, suna ba da tsohuwar IP kamar kullum.

To ga yadda lissafinka ya tsaya. Kwana ya riga ya wuce. In A ka taɓa mai TTL na awa huɗu, jira ya ƙare tun jiya da rana, sai a nemi matsalar a wani wuri. In NS ne, har yanzu kana cikin wa'adi.

Ba sai ka yi ta hasashe ba, ka tambayi ɓangarorin biyu ka gwama amsarsu. Ka sa domen ɗinka a madadin example.com:

```
dig +trace example.com
dig @8.8.8.8 example.com A
dig example.com A
```

Na farko yana bin hanya tun daga tushe ba tare da dogaro da ajiyar kowa ba, sai ya nuna maka sabobin sunan da ke aiki yanzu da lambar da suke bayarwa. Na biyu rizolbar Google yake tambaya, na uku kuma wadda netwok ɗinka ke amfani da ita. Mai Windows zai iya yin na biyu da `nslookup example.com 8.8.8.8`. A ce na uku ya fito haka:

```
example.com.  10800  IN  A  203.0.113.10
```

Wannan 10800 saura ne, ba cikakken wa'adi ba. Ka sake bugawa bayan minti ɗaya za ka ga ya ragu da kusan 60. Idan na farko ya ba da sabuwar IP, wannan kuma ya ba da tsohuwa da lamba mai raguwa, to haƙuri ne kawai, kuma in A ka canza ga awa ukun da suka rage a rubuce; in NS ne, tana iya sake ɗauko tsohuwar har kwana biyun su cika.

Inda nake so ka fi sa ido shi ne idan na farkon ma tsohuwar IP ya ba ka. A nan ko mako ka yi kana jira ba abin da zai canza. Abin da ya fi jawo haka shi ne gyara rikodi a wurin da ba shi ake tambaya ba: mutum ya sauya A a shafin mai sayar da domen, alhali NS na nuna Cloudflare ko tsohon hostin. Tunda abokinka ya ga sabon shafi, ina ganin da wuya wannan ce taka. Waɗanda suka fi kama da taka su ne guda biyu. Ko dai ka gyara example.com ka manta www mai nasa rikodin daban, shi yana buɗe ɗaya kai kana buɗe ɗayan. Ko kuma akwai tsohon rikodin AAAA, wato takwaran A mai riƙe da lambar IPv6, da ya rage, duk na'urar da ke da IPv6 sai ta bi shi zuwa tsohuwar saba.

Idan duk ukun sun nuna sabuwar IP, www da AAAA ma daidai suke, amma idonka na ganin tsohon shafi, to abin a na'urarka yake. Ka buga `ipconfig /flushdns` a Windows, ka share ajiyar Chrome ta `chrome://net-internals/#dns`, ka kashe rauta ka kunna, sannan ka gwada a shafin Incognito. Wannan sharar naka kaɗai take gyarawa, iyayen yara da ke kan layi ɗaya da kai ba ta shafe su ba.

Akwai abin da za ka iya yi yau in NS ka canza kuma kana da damar shiga tsohon hostin: ka je can ma ka sauya rikodin A zuwa sabuwar IP. Ta haka ko wace sabar suna aka tambaya amsa ɗaya za a samu, jiran ya sauko daga kwana biyu zuwa TTL na rikodin. Don Allah kada ka rufe tsohon asusun sai kwana biyun sun cika, kuma ka leƙa cikinsa tukuna, domin fom ɗin neman shiga makaranta da saƙonnin imel na waɗannan kwanaki suna iya kasancewa can suka faɗa.

Wani karon, kwana ɗaya kafin ƙaura ka mayar da TTL na A zuwa 300, ka bari tsohon wa'adin ya ƙare, sannan ka sauya lambar. Cikin minti biyar kusan kowa ya koma sabuwa. Yanzu dai ka turo mana layukan ƙarshe na `dig +trace` da amsar na ukun, ka kuma faɗa mana ko da www kake buɗewa.