MFI da RSI: ina suka haɗu, ina suka rabu?

"Salam 'yan'uwa, don Allah mai sani ya taimaka. Na ji ana cewa MFI ai RSI ne kawai da aka ƙara masa bolum, to na ɗora su biyun tare sai na ga RSI yana can sama da 70 shi kuma MFI yana ƙasa da 40. Wanne ke faɗin gaskiya, kuma wanne zan bari?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. RSI, wato Relative Strength Index, da MFI, wato Money Flow Index, ma'aunan ƙarfin saye da sayarwa ne a kasuwa, kuma duka biyun gaskiya suke faɗa maka, abin da kowanne yake aunawa ne daban. Dangi ne, eh, amma dai 'yan'uwan nesa, kuma wannan maganar ta "RSI mai bolum" ita ce take ɓatar da mutane da yawa, nima ta ɓatar da ni a farko har sai da na zauna na yi lissafin da hannuna.

Inda suka yi kama ba shi da yawa, bari mu wuce shi da sauri. RSI Welles Wilder ne ya fito da shi a 1978, MFI kuma Gene Quong da Avrum Soudack ne suka kawo shi daga baya suka ɗauki tsarin RSI ɗin suka gina a kai. Duka suna yawo tsakanin 0 da 100, duka an saba saita su a kan kyandir 14, kuma matakin ƙarshe na lissafinsu iri ɗaya ne. Layukan da ake zanawa ne ma suka ɗan bambanta, 70 da 30 a RSI, 80 da 20 a MFI. Shi ke nan kamar da ke tsakaninsu.

Ga yadda kowanne yake:

```
RSI = 100 - 100 / (1 + avg gain / avg loss)

TP  = (high + low + close) / 3
MF  = TP * volume
MFI = 100 - 100 / (1 + positive MF / negative MF)
```

To duba da kyau. Shi RSI tambayar da yake wa kowane kyandir ita ce: da nawa farashin rufewa ya hau ko ya sauka daga na jiya? Girman motsin ne abincinsa, hawan 2 ya ninka hawan 1 nauyi. Shi kuwa MFI ba ruwansa da girman motsi ko kaɗan. Yana haɗa saman kyandir da ƙasansa da inda ya rufe ya raba uku, wannan shi ne TP, sai ya duba ko ya fi na jiya ko bai kai ba. In ya fi, ko da da ɗigo ɗaya ne, sai ya kwashi kuɗin cinikin ranar gaba ɗaya, wato TP sau bolum, ya zuba a kwandon hawa. In bai kai ba duka ya tafi kwandon sauka. In kuma daidai suke ranar ba ta shiga ko'ina.

Bari in ba ka misali da kwana biyar maimakon 14 don kada lissafin ya yi tsawo, kuma mu ɗauka TP daidai yake da farashin rufewa a kowace rana. Lambobin ni na ƙirƙiro su don misali. Jiya farashi na 100.

```
1:  102     +2     vol 1000   MF 102,000
2:  104     +2     vol  800   MF  83,200
3:  103.5   -0.5   vol 4000   MF 414,000
4:  105.5   +2     vol  700   MF  73,850
5:  105     -0.5   vol 3000   MF 315,000
```

RSI zai ce an hau 6 an sauka 1, shida bisa ɗaya ke nan, ka sa a lissafi ya ba ka kusan 86. Kasuwa ta yi zafi a wurinsa, an cika saye. MFI kuwa kwandon hawansa 259,050 ne, na sauka 729,000, ya fito kusan 26. Kwanaki biyar ɗin nan guda, farashi guda, ɗaya na 86 ɗaya na 26, kuma babu wanda ya yi kuskure a ciki. RSI yana ce maka hawan ya fi saukar tsawo nesa ba kusa ba, MFI yana ce maka yawancin cinikin an yi shi ne a ranakun da farashi ya ja baya, ranakun hawan kuma kasuwar ba kowa. Irin wannan ne ka gani a allonka.

Yanzu ga gwajin da ya buɗe min ido. In da gaske MFI RSI ne da aka ƙara wa bolum, ai in ka cire tasirin bolum ɗin, ka mai da shi daidai a duk kwanakin, ya kamata ya dawo 86. Gwada ka gani. Kwandon hawa zai zama 102 da 104 da 105.5, na sauka 103.5 da 105, MFI ya fito kusan 60, wanda ba komai ba ne illa kwana uku cikin biyar. Wato in babu bolum, MFI ƙirga ranakun hawa kawai yake yi. Shi ya sa ni a raina ba na kiransa RSI mai bolum, ina ɗaukarsa a matsayin amsar tambaya ɗaya: cikin duk kuɗin da ya canja hannu a kyandir 14 ɗin nan, kashi nawa cikin ɗari ne ya faɗo a ranakun hawa? MFI 26 na nufin kashi 26 ne, iyakar ma'anarsa ke nan.

Kuma sunan nasa kada ya ruɗe ka da cewa wai kuɗi na shiga kuɗi na fita. Duk cinikin da aka ƙulla akwai mai saye akwai mai sayarwa, MFI bai san wa ya matsa wa wani ba, zato yake yi daga inda TP ya karkata. Ranar nan ta uku da aka sauka 0.5 a kan bolum 4000, zai iya yiwuwa manya ne ke sauke kayansu a hankali, zai kuma iya yiwuwa an zubo kaya da yawa amma masu saye suka shanye shi farashin ya ƙi faɗuwa, wanda alamar ƙarfi ce. MFI duka biyun fuska ɗaya yake ba su. Kai ne za ka koma kan kyandir ɗin ka ga inda ya rufe da abin da ya biyo baya.

Akwai ma lokacin da ba su yarda da juna a kan ko ranar ta hawa ce ko ta sauka. Jiya sama 101, ƙasa 99, rufewa 100, TP 100. Yau farashi ya nutse har 96 sannan ya dawo ya rufe a 100.5, samansa 101. RSI zai rubuta hawan 0.5, amma TP na yau kusan 99.2 ne, don haka MFI zai jefa bolum ɗin ranar duka a kwandon sauka, alhali kai da idonka ka ga masu saye ne suka ci ranar. Kyandir masu dogon wutsiya su ne suka fi jawo wannan.

Sai bambanci na biyu babba wanda ba a cika maganarsa ba, kuma shi ne ya fi cutar da mutane: yadda kowanne yake mantuwa. RSI na Wilder a hankali yake mantawa, kowane sabon kyandir ana ninka tsohon matsakaici da 13 a ƙara na yau a raba 14, don haka babban motsi yana dushewa kaɗan-kaɗan, bayan kyandir 14 ma kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa na nan. MFI kuwa tara su kawai yake yi, kyandir yana da cikakken nauyinsa har tsawon 14 sannan a na 15 ya ɓace ɗungurungum lokaci guda. Ka ce kwandon hawa 600,000 ne na sauka 900,000, MFI 40 ke nan, amma 500,000 daga cikin na saukar nan kyandir ɗaya ne na ranar wani babban labari. Ranar da ya fita daga lissafi, a ce wani ƙaramin kyandir na sauka mai 50,000 ne ya shigo, kwandon sauka ya koma 450,000 sai MFI ya yi tsalle zuwa 57, a ranar da farashi sauka ma ya yi! Wanda bai sani ba sai ya ce kuɗi sun fara shigowa ya danna saye. Don haka duk sanda ka ga MFI ya zabura kuma kyandir ɗin yau bai yi wani abin kirki ba, ƙirga baya kyandir 14 ka duba sandar bolum ɗin wurin, sau da yawa a nan amsar take.

To wanne za ka bari? Ni abin da nake fara dubawa shi ne ingancin bolum ɗin kansa, don MFI ba zai fi bolum ɗin da aka ciyar da shi kyau ba. A hannun jari da ake cinikinsu a kasuwa mai rajista bolum ɗin adadi ne na gaske, a nan MFI yana da abin faɗa. A foreks babu cibiya ɗaya da ke tattara cinikin duniya, abin da manhajar MetaTrader 4 ke nuna maka ƙirgen sau nawa farashi ya motsa ne a wurin dillalinka, kuma na wannan dillali ba zai zo daidai da na wancan ba. Yana nuna lokacin da kasuwa ke da hada-hada, amma kuɗi ne ba ya ƙirgawa, kuma a ƙananan lokuta irin na awa ɗaya yawanci buɗewar London da New York kawai zai riƙa nuna maka. A kirifto kuma bolum na dandalin da ka buɗe ne kaɗai, in ƙaramin dandali ne ko coin ɗin da ba a cinikinsa sosai, mutum ɗaya mai kuɗi ya isa ya karkatar da layin. A irin waɗannan wuraren RSI na fi yarda da shi, don farashin rufewa kusan ɗaya ne a ko'ina.

Af, in MetaTrader kake amfani da shi ka kula, a ƙarƙashin Bill Williams akwai Market Facilitation Index da shi ma ake taƙaita shi da MFI, wani abu ne daban sam. Naka Money Flow Index ne, yana ƙarƙashin Volumes.

In bolum ɗin naka mai kyau ne, shawarata ka riƙe su duka biyun amma kada ka ƙirga su a matsayin shaidu biyu. Sanda suka tafi tare ba wani sabon labari ka samu ba, duka daga farashi ɗaya suke sha. Amfanin yana wurin saɓanin, kamar wanda ka gani yanzu: farashi na sabon sama, RSI na bin sa, MFI ya ƙi tashi. Kafin ka ɗauki wannan da muhimmanci ka tabbatar ba kyandir ɗaya mai ƙaton bolum ne ya danne shi ba, ka ga cewa ranakun sauka da dama ne suke da nauyi. Ko ya tabbata ɗin ma ba umarnin sayarwa ba ne, kasuwa mai ƙarfi tana iya ci gaba da hawa makonni RSI na zaune sama da 70. Abin da ni nake yi a irin wannan hali shi ne in daina ƙara saye, in matso da wurin tsayar da asarata kusa, sannan in jira in ga ko farashin da kansa zai karya ƙasan da ya yi na baya-bayan nan.