Mangwaro, Zogale ko Darbejiya: Wanne Za a Dasa a Gida a Legas?

Tun da na dasa itatuwa a gidana na Agege, 'yan uwa ke tambayata wanne ya fi. In inuwa ake so, mangwaro ne gaba, darbejiya na biye, zogale kuwa ko akuya ba zai rufe ba.

Wajen kuɗi ne lissafi ke juyawa. Zogale cikin 'yan watanni ake fara tsinkar ganyensa, masu kwaɗo na nema. Mangwaron aure sai ya shekara 3 zuwa 5, kuma damshin Legas na sa furensa baƙi ya zube. Nawa bara ya cika da fure, da ƙyar na cika kwando ɗaya. Darbejiya sai asuwaki da maganin ƙwari.

Wahala fa? Darbejiya ba ta buƙatar komai, amma saiwarta na tsaga katanga da ramin masai in an dasa ta kusa da su. Zogale ba ya jure ruwa kwance, inda damina ke taruwa saiwarsa ruɓewa take, sai an yi masa tudu.

Mai faffaɗan fili da haƙuri ya dasa mangwaro. Mai ɗan lungu ya riƙe zogale. Wanda ba ya zama gida, darbejiya, nesa da gini.