Kashe rauta da kunna ta duk mako: wa take yi wa amfani, wa take ɓata wa lokaci

"Jama'a, an ce in riƙa sa rautar shagona tana kashe kanta tana kunnawa duk mako. Da gaske yana gyara intanet? Kuma yaya ake saita shi?"

Malam, amsar ta danganta da irin ciwon da rautarka ke fama da shi, domin iri biyu ne, kuma ɗaya kaɗai wannan magani ke kamawa.

Ɗauki rauta ta farko. Tana kan inbata ko sola, ba ta mutuwa dare da rana, kuma wayoyi da yawa na hawa kanta. Ranar da aka kunna ta garau take. Bayan kwana goma ko sati biyu sai ta fara nauyi: sabuwar waya ta ƙi haɗuwa da waifai, shafin saitinta ma ya daɗe bai buɗe ba. Ka cire wuta ka mayar, komai ya dawo daidai. Abin da ke faruwa shi ne rauta ƙaramar kwamfuta ce mai ƙaramin memori. Idan manhajar cikinta na da aibi, tana cin memorin kaɗan-kaɗan ba ta saki, har ya ƙare. Kashewa da kunnawa na share shi. Idan kuma an bar mata zaɓen tashar waifai a kan Auto, yawancinsu kan sake zaɓa a lokacin tashi, sai ta kauce wa ta maƙwabta. Wannan rautar, jadawalin mako zai yi mata amfani sosai.

Ga ta biyu. Mai sim ce, da safe tana gudu, daga magariba zuwa wajen sha ɗayan dare sai ta koma rarrafe, kullum haka. Nan laifin ba nata ba ne. Mutanen unguwa ne suka taru a kan turken sabis ɗaya. Haka idan sigina ce mai rauni, ko data ta kai iyakar da kamfani ke rage gudu, ko rautar na zaune cikin zafi a kan firij. Ko sau nawa ka kunna ta, abin da ta bari shi za ta tarar. Kuma in kai tsaye take kan wutar Nefa, ai masu wuta sun riga sun ɗauke maka wannan aiki, kyauta, har fiye da yadda ka nema.

Kada ka yi canke. Lokacin da intanet ya yi nauyi, haɗa kwamfuta da rautar, in da hali da kebul ba waifai ba, ka buga waɗannan a Command Prompt ko Terminal:

```
ping 192.168.1.1
ping 8.8.8.8
```

Na farko adireshin rautar ne, wasu 192.168.0.1 ne ko 192.168.8.1, yana rubuce a ƙasanta, na biyun kuma adireshi ne da ke can kan intanet. Idan na farkon ma yana jinkiri ko yana tsinkewa, matsalar a cikin gida take. Idan yana amsawa nan take, na biyun ne ke wahala, to daga layin kamfani ne, jadawali ba zai taɓa ta ba.

Saitin ba wuya. A TP-Link shiga Advanced, ka nemi Reboot Schedule a ƙarƙashin System ko System Tools, gwargwadon samfurin. A ASUS yana Administration, sannan System, sai Enable Reboot Scheduler. Zaɓi lokacin da ba kowa a kai, misali ƙarfe 4 na asubar Lahadi, domin intanet zai ɗauke na minti biyu zuwa uku. Amma fara duba agogon rautar. Najeriya da Nijar suna kan GMT+1. In an bar ta a kan lokacin wata ƙasa, za ta iya mutuwa ana tsakiyar ciniki.

Mai rautar da ke kan manhajar OpenWrt zai sa wannan layi a System, Scheduled Tasks:

```
30 4 * * 0 sleep 70 && touch /etc/banner && reboot
```

Jinkirin daƙiƙa 70 ɗin yana da dalili. Yawancin rautoci ba su da batirin agogo, suna ɗaukar lokaci ne daga fayil ɗin da aka taɓa na ƙarshe. In ba a jira an taɓa fayil ba, tana iya tashi ta ga kamar har yanzu 4:30 bai wuce ba, ta yi ta kashe kanta.

Soket mai agogo kuwa, irin mai juyawa, ban ba ka shawara ba. Galibi zagayensa na awa 24 ne, ba na mako ba, kuma duk sanda aka ɗauke wuta agogonsa na tsayawa, lokacin ya goce.

Idan ka saita na mako, sai ka ga rautar na neman a kunna ta duk bayan kwana biyu, kada ka matso da jadawalin. Shiga Firmware Upgrade ka sabunta manhajarta, sannan ka gwada wata adafta mai ƙarfin wuta daidai da wanda aka rubuta a jikinta, don adaftar da ta gaji ma tana jawo irin wannan tsinkewa.