Rediyon Android a tsohuwar Corolla: wata biyar da sakawa, da yadda na ceto maɓallan sitiyari

Wata biyar ke nan da na cire rediyon da ya zo da motata, Toyota Corolla ta 2010, na saka na Android mai allo inci 9. Na daɗe ina ja da baya, kuma ba don komai ba sai maɓallan sitiyari. Hannuna ya saba, ina tuƙi ina ƙara murya ko in tsallake waƙa ba tare da na ɗauke ido daga titi ba. Allon taɓawa kuwa ba ya da abin da yatsa zai laluba, dole sai ka kalla. Shi ya sa na ce in dai maɓallan nan za su mutu, gara in zauna da tsohon rediyona.

Wajen zaɓe ban wahala sosai ba. Na ɗauki mai RAM gigabait 4 da ma'ajiya gigabait 64, domin na taɓa zama a motar wani abokina mai gigabait 2, na ga yadda taswira ke ɗingishi da zarar an kunna waƙa tare da ita. Na kuma tabbatar ya zo da firam ɗin da aka ƙera don dashbod ɗin wannan samfurin, da soket ɗin da zai shiga na motar kai tsaye ba tare da an yanke waya ko ɗaya ba. Amma tambayar da ta fi duk waɗannan muhimmanci, wadda ya kamata mutum ya amsa kafin ya biya kuɗi, ita ce: ta wace hanya maɓallan motarka suke magana da rediyo?

Hanyoyin da aka fi samu biyu ne. A motoci da yawa, musamman tsofaffin na Japan, kowane maɓalli yana da resista, wato ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, a bayansa. In ka danna, sai ya haɗa wayar sigina da wayar nagetif ta cikin wannan resistan, rediyo kuma ya gane wane maɓalli ne daga yawan wutar da ya rage a wayar. Irin wannan ba ya buƙatar ƙarin na'ura. A bayan rediyon Android za ka ga wayoyi biyu da aka rubuta wa KEY1 da KEY2, su ake haɗawa, sannan a koya wa rediyon kowane maɓalli. Hanya ta biyu ita ce ta motocin da maɓallansu ke aika saƙo ta layin kwamfutocin mota, wanda ake kira CAN. A nan KEY1 da KEY2 ba su da abin da za su ji. Sai an saka wani ɗan akwati da ake sayarwa da sunan CANBUS, wanda ke fassara saƙon motar ga rediyo, kuma sai an shiga saitin masana'anta an zaɓi kamfanin akwatin da samfurin motar daidai. Wanda ya sayi rediyo babu akwatin alhali motarsa na buƙatarsa, duk yadda ya kai ga juya wayoyi ba zai ga komai ba. Tawa irin ta farko ce, na kuwa ɗauka na tsira. Ashe da sauran rina a kaba.

Ranar da aka saka, mai wayarin ya gama cikin kamar awa guda. Rediyo ya kama, sifikoki huɗu duk suna magana, kyamarar baya ta fito da aka saka ribas. Ya shiga wurin koyar da maɓallai, wanda a nawa aka rubuta Steering Learn, ya danna alamar ƙarin murya a allo, ya riƙe maɓallin sitiyari har alamar ta canza launi, ya bi sauran haka. Ya gwada ƙarin murya da ragewa a gabana, suka yi. Na yi masa godiya na tafi.

Sai a hanya na lura cewa in na danna MODE, maimakon ya sauya daga rediyo zuwa bulutut, sai ya tsallake waƙa. Na tsaya na sake koyarwa, na fara da tsallake waƙa na ƙare da MODE. Wannan karon MODE ya yi daidai, amma maɓallin tsallake waƙa ya koma shi ma MODE. Duk wanda na koyar a ƙarshe, shi ke cinye ɗan'uwansa. Na kwana biyu ina zargin rediyon, har na fara rubuta wa mai sayarwa saƙon ƙorafi, sai na ce bari dai in buɗe in gani da idona.

Kafin in taɓa komai na cire kan batir na nagetif, na jira 'yan mintoci. Wannan ba tsoro ba ne na banza. Wayoyin maɓallan suna bi ta cikin sitiyari ne tare da na jakar iska, kuma duk soket mai launin rawaya da ka gani a wajen na jakar iska ne, ba a kai masa mitar awon lantarki ko da wasa. Ba ma sai an je can ba, duk awon da ake buƙata a bayan rediyo ake yin sa.

A wannan motar akwai soket mai ramuka 20 da ke shiga bayan tsohon rediyo, kuma uku daga cikin wayoyinsa na sitiyari ne: rami na 6 shi ne nagetif ɗin maɓallan, na 7 layi na farko, na 8 layi na biyu. Na saita mita a awon om, na ɗora tsinke ɗaya a na 6 ɗaya a na 7, ƙanena yana danna mini maɓallai. In ba a danna komai ba, mita na nuna kusan om dubu 100. Tsallake waƙa gaba ya ba da kusan sifili, komawa baya kusan 330, ƙarin murya kusan 1,000, rage murya kusan 3,100. Na mayar da tsinken rami na 8, aka danna MODE, sai ga shi shi ma kusan sifili. Nan take na gane abin da ke faruwa. Maɓallai biyu ne masu awo iri ɗaya, abin da ya raba su kawai shi ne kowanne da layinsa. Da na warware salatif ɗin da mai wayarin ya naɗa, na tarar ya murɗe wayar rami na 7 da ta 8 wuri guda ya ɗaura su a KEY1, ya bar KEY2 tana lilo. Rediyo ba shi da laifi, abu ɗaya yake ji daga maɓallai biyu.

Ban ga laifin mutumin sosai ba, don a wasu motocin layi ɗaya ne tak, kuma a wasu ko an haɗa biyun babu awon da ke karo da wani. Ya dai yi abin da ya saba, ni kuma na karɓi aiki bayan gwada maɓallai biyu cikin biyar.

Na raba su, ta 7 zuwa KEY1, ta 8 zuwa KEY2. Ina cikin haka na ga abu na biyu, wanda ya warware mini wata matsala da na ɗauka daban ce. Da dare, in fitilun gaba da fankar esi suna kunne, wani lokaci in na danna rage murya sai rediyo ya yi kamar bai ji ba. Ashe wayar rami na 6 ba a kai ta ga nagetif ɗin rediyon ba, an ɗaura ta ne a wani ƙusa na ƙarfen dashbod, ƙusan ma bai ɗauru da kyau ba. Tun da rediyon yana gane maɓalli ne ta ɗan bambancin wuta, in nagetif ɗin maɓallan da na rediyon ba wuri ɗaya suke ba, duk lokacin da wani abu mai jan wuta ya kama sai awon ya ɗan goce daga abin da aka koya masa. Na cire ta daga ƙusan, na haɗa ta da baƙar wayar rediyon, na like duka ukun da dalma maimakon murɗawa. Sannan na mayar da batir, na tayar da injin, na share duk abin da aka koyar a baya, na sake koyarwa daga farko. Da gangan na yi shi injin na aiki, saboda a haka za a riƙa amfani da shi. Tun daga ranar babu maɓallin da ya sake yi mini gardama, dare ko rana.

Awon nan yana da wani amfanin. Da a ce mita ba ta motsa ba ko kaɗan duk maɓallin da aka danna, to ko dai ba wayoyin ba ne, ko motar ta CAN ce, ko kuma naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin sitiyari, wadda ke ba shi damar juyawa ba tare da wayoyi sun tsinke ba, ta yanke. In ita ce, sau da yawa hon ma yakan daina yi, ko fitilar jakar iska ta kama a dashbod. Saboda haka ka danna kowane maɓalli da tsohon rediyo kafin a cire shi, kada a ɗora wa sabon laifin da ya tarar.

Shi kansa rediyon fa? Sautinsa ya fi na tsohon, musamman bayan na zauna na daidaita shi. Taswira a babban allo ta sauƙaƙa mini tafiya. In na kashe mota na dawo bayan awa biyu ko uku, cikin daƙiƙa biyu yake farkawa, kuma maɓallan na aiki nan take. In kuwa motar ta yi kwanaki a ajiye, yakan kashe kansa gaba ɗaya don kada ya shanye batir, sai ya ɗauki kusan rabin minti kafin ya tashi. Abin da ban so ba shi ne allon yana ƙyalli da tsakar rana, kuma makirufon da ke jikinsa yana kwasar ƙarar titi, sai da na saka na waje kusa da madubi kafin masu kirana suka daina cewa ina cikin rijiya. Akwai kuma wata manhajar waƙa da na saukar wadda ba ta jin maɓallin komawa baya, alhali sauran duk suna ji, wannan kuwa daga manhajar ne ba daga waya ba.

Zan sake sayen irinsa, kuma zan ba mai mota irin tawa shawarar ya saya. Sai dai kafin a mayar da firam a ɗaure, ya zauna a kujerar direba, injin na aiki, fitilu da fanka a kunne, ya danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, sau biyu, ya kuma tambaya ko KEY2 na da abin da aka ɗaura mata.