Furofofol da deksmedetomidin: yadda na same su a kan Baba mai kilo 70

Aikin jinya nake a ɗakin kulawa ta musamman a nan Maradi, wanda muke ce wa reya. Furofofol, maganin sa maras lafiya barci, na daɗe da saninsa, "madara" muke kiransa saboda farinsa. Deksmedetomidin kuwa, shi ma na sa barci ne, sai kwanan nan ya zo hannuna, a kan wani dattijo ɗan shekara 68 da aka yi wa aikin hanji, aka bar shi a kan injin numfashi.

Abin da likita ke so shi ne maras lafiya ya kwanta lafiya, kada ya fizge bututu, amma in an kira shi ya buɗe ido. Muna auna wannan da ma'aunin RASS, daga +4, mai fisge-fisge, zuwa -5, wanda ko an taɓa shi ba ya motsi. An ce mu riƙe Baba tsakanin 0 da -2.

Da madara muka fara. Kowane mililita yana da miligiram 10, likita ya rubuta miligiram 2 a kowane kilo a awa, wato mililita 14 a awa. Gaskiya ba ta da wasa wajen sauri: cikin ƴan mintoci Baba ya yi laushi, da safe kuma in na tsayar da ita, kafin minti goma sha biyar ya fara motsi. Matsalar ita ce babu tsaka-tsaki. In tana tafiya yana can -4, jininsa ya sauka, numfashin duk injin ke yi masa. In na rage, sai ya farka a firgice hannu na neman bututu. Ɗansa ya tsaya bakin ƙofa ya ce mini, "Majo, anya tsohon nan ya san muna nan?"

Ga kuma hidimarta. Mai ce, ta man waken suya da sinadarin ƙwai, ƙwayoyin cuta na son ta, don haka duk awa 12 sai an canja sirinji da igiyar. Ana son a ajiye ta ƙasa da digiri 25, wanda a watan Afrilu a Maradi aiki ne. Ba a son ta wuce miligiram 4 a kilo a awa, musamman bayan awa 48, don tana iya sa jini ya yi tsami, tsoka ta narke, zuciya ta gaza. Ba ta kashe zafin ciwo ko kaɗan, sai an haɗa da mofin ko fentanil.

Rana ta uku aka sauya. Kwalbar deksmedetomidin ƙarama ce, mililita 2 mai maikurogiram 200. Na haɗa da ruwan gishiri mililita 48, ya zama 4 a kowane mililita. Muka fara da maikurogiram 0.7 a kilo a awa, kusan mililita 12 ke nan, ba tare da an zuba da yawa a farko ba. Ba ya kamawa nan take, sai da muka riƙa janye madara a hankali wajen awa guda.

Da la'asar na sunkuya na ce, "Baba, ku matse hannuna." Ya buɗe ido ya matse, na saki, ya koma barcinsa. Da aka kira magariba na ga ɗan yatsansa na bin gaɓoɓi kamar mai jan carbi. Da yake maganin ba ya danne numfashi kamar madara, washegari aka cire bututu maganin na kan tafiya.

Amma daren farko ya ba ni tsoro. Bugun zuciya ya sauko daga 88 zuwa 48. Na kira likita, atirofin, maganin ɗaga bugun zuciya, na ajiye kusa, muka rage zuwa 0.4, mililita 7 a awa, bugun ya hau 60. Halinsa ne, yana kwantar da jijiyoyin da ke zaburar da zuciya, don haka wanda ba shi da allon sa ido kada ya taɓa shi. Sai tsada. A gudun farko sirinji ɗaya awa huɗu yake yi, kwalba shida a kwana, kuma dangi ne ke yawo da takardar magani daga wannan farmasi zuwa wancan.

Kada a ɗauka deksmedetomidin yana ceton rai fiye da ɗan'uwansa. Binciken SPICE III na 2019, a kan mutum kusan 4,000, bai ga bambancin mace-mace ba bayan kwana 90, har ma daga baya aka ja kunne a Turai kan amfani da shi ga ƴan shekara 65 zuwa ƙasa. Mai farfaɗiya da ba ta tsayawa, ko wanda ake so ya yi nisa sosai cikin barci, madara zan miƙa wa likita. Dattijo irin Baba da ake shirin raba shi da inji, in zuciyarsa na bugawa da kyau kuma aljihun dangi zai ɗauka, ƙaramar kwalbar zan zaɓa.